Wasiƙar ɗalibin Alƙahira ta samu amsa

Amsa ta zo jiya bayan la'asar, kuma ba irin amsar da na'ura ke aikowa da kanta ba ce, mutum ne ya zauna ya rubuta. Ina Kabuga saƙon ya same ni, na karanta na sake karantawa. Tun da na fara koyon gyaran wasiƙun hukuma, wannan ce ta fi ba ni wahala, shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda aka yi.

Ɗalibin ɗan yayata ne, yana shekara ta 2 a fannin haɗa magunguna a wata jami'ar gwamnati a Alƙahira. Mahaifinsa ke biya. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin makaranta kuwa da kuɗin waje ake biya, sai abin ya fi ƙarfin gida. Yaron ya ga sanarwar tallafin karatu ta wata gidauniya, ya rubuta musu wasiƙa da Turanci, ya turo mini kafin ya aika. Kusan shafi biyu. Gaisuwa da addu'a sun cinye sakin layi na farko, na biyu tarihin gidansu ne, na uku halin da kasuwa ta shiga. Na karanta har ƙarshe ban ga tambaya ko ɗaya ba, ga kuma hotuna 14 a maƙale.

A nan muka daɗe, don gardama muka yi ta gaske. Na ce masa wannan wasiƙar tambaya ce, ba takardar neman tallafin ba ce. Wanda zai buɗe ta ma'aikaci ne da ba shi da ikon ba ka ko sisi, ikonsa kawai ya ce maka ka cancanta ko ba ka cancanta ba. Ya ce, "Kawu, in ban faɗi halin da muke ciki ba, ta ina za su tausaya?" Ban ga laifinsa ba. Mu a nan ba ka shiga wajen babba ka dire buƙatarka ba tare da ka gaisa ka yi shimfiɗa ba, rashin kunya ne. Amma na yanke gaisuwar duka a gwajin farko sai wasiƙar ta koma kamar sammacin kotu, ni kaina da na karanta ta a fili sai da na ji ba daɗi. Na mayar da labarin, ta koma roƙo. Haka na yi ta kai da kawowa.

Abin da ya warware shi, na daina tambayar kaina ko jimla tana da ladabi, na koma tambayar ko ma'aikacin zai iya yin wani aiki da ita. Halin gida yana da amfani a wajensa, amma a matsayin bayani, ba kuka ba. Sai duk sakin layi biyun nan suka zama jimla ɗaya: iyalina ne suka biya shekara ta farko da ta biyu, faɗuwar naira ta sa ba za su iya ci gaba ba daga zango mai zuwa. Babu "don Allah ku taimaka", babu "ku ne gatana". Ladabin kuma na bar shi a wurare biyu kacal, a buɗewa da sunan ofishin daidai yadda yake a sanarwarsu, da godiya ta layi ɗaya a ƙarshe. Na kuma cire masa kalmar gaggawa da ya rubuta da manyan baƙaƙe a kan wasiƙar. Gaggawarka ba tasu ba ce. A madadinta muka sa ranar da jami'a ta tsayar don biyan kuɗi, ita ta fi magana.

Sai tambayar kanta. Sanarwar ta yi shiru a kan abu guda da komai ya rataya a kansa: wanda ya riga ya fara karatu yana iya nema, ko sai sabon shiga? Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Tallafin gwamnatin Turkiyya, alal misali, ba ya karɓar wanda yake cikin jami'ar Turkiyya a matakin da yake nema. To ita muka sa a sakin layi na farko, a tsarin da za a amsa da e ko a'a. Muka bi ta da ta biyu, ko suna karɓar takardar sakamako ta Larabci. Ya so ya ƙara tambayar ranar rufewa da yawan kuɗin, na hana, domin duk suna cikin sanarwar, tambayarsu shaida ce cewa bai karanta ba.

Wajen cikar bayani, abin mamaki, wasiƙa mai shafi biyu ba ta faɗi shekarar da zai gama ba. Karatun nasu shekara 5 ne da shekarar horo a sama, mai ba da tallafi kuwa lissafinsa na farko shi ne shekara nawa zai ɗauki nauyi. Sakamakonsa ma "jayyid jiddan" kawai ya rubuta. Muka sa makin da lamba, kashi 81 cikin 100, muka ƙara cewa a tsarin tsangayarsu wannan mataki daga 75 ne zuwa ƙasa da 85. Kan wasiƙar ya zama haka:

```
Eligibility enquiry: continuing student, Pharmacy Year 2, Cairo
```

Hotunan nan 14 kuwa sun ci mini data ba kaɗan ba tsakanin saukewa da mayarwa, har yanzu abin na yi mini ciwo. Nauyinsu ya wuce megabait 25 da Gmail ke ɗauka, don haka da ya aika, da sun koma mahaɗin Drive, ma'aikacin ya danna a ce masa sai ya nemi izini. Wa zai tsaya? A ciki har da fasfo, katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma da sakamakon firamare. Ba a tura fasfo ga adireshin da ba a tabbatar ba, balle ba a nema ba. Biyu muka bari, shaidar cewa ɗalibi ne a wannan shekarar da takardar sakamako, kowacce a PDF ƙasa da megabait 1, da suna mai ma'ana:

```
Enrolment_Letter.pdf
Transcript_Year1.pdf
```

Wani abu a gefe ga masu karɓar aiki ta WhatsApp: ku ce a turo a matsayin `Document`, in aka turo a hoto yana matse shi, hatimin ya dushe. Na buɗe nasa a waya na faɗaɗa, ranar da ke jikin hatimin ba ta karantuwa, sai da ya sake ɗauka a shago.

Wasiƙar ta tsaya a kalma 140 ko kusa da haka. Amsarsu: ɗalibin da ya fara yana iya nema muddin ya rage masa aƙalla shekara 2, amma takardar sakamako sai ta Turanci mai hatimin jami'a, ba fassarar shago ba. Ya kira ni yana dariya, ya ce, "Kawu, ashe gajeruwar ce ke aiki." Ban ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Yanzu saura ya je ofishin kula da ɗalibai na tsangayarsu ya nemi ta Turancin, ita ma da kuɗinta. Bayanin kansa da za a haɗa da takardar neman ya riga ya turo mini daren jiya, shafi huɗu, kuma labarin kasuwar ya dawo cikinsa gaba ɗaya. A can yana da gurbi, amma ba shafi ɗaya da rabi ba. Wanda ya taɓa rage irin wannan ya faɗa mini ta ina ya fara yanka.