Yadda na jera takardun tafiya karatu a hotuna takwas

Da ƙanwata ta samu bizar karatu ta Birtaniya, sai ƙawayenta suka hana ni sakat da tambaya: "Yaya, me da me ake haɗawa?" Da na gaji da maimaitawa, na zauna na shirya jerin hotunan nan da ake ja da yatsa a Instagram, kowane hoto da takarda ɗaya.

A zubin farko na jera su bisa muhimmanci: fasfo, lambar CAS da jami'a ke bayarwa don shaidar ta ba ɗalibi gurbin karatu, takardar banki, sai gwajin tarin fuka. Ya yi kyau a ido. Sai ga wata yarinya ta kira ni murya na rawa. Da ta ga CAS bai zo ba, ta tsallaka zuwa abin da take iyawa, ta je ta yi gwajin tun watan Janairu, alhali sai Agusta za ta nemi biza. Takardar gwajin kuwa wata 6 take aiki. Dole ta sake biya. Laifina ne, na faɗi abin da za a nema ban faɗi lokacinsa ba.

Na goge, na sake jerawa bisa lokaci. Hoton farko yanzu na suna ne: a shimfiɗa fasfo, takardar NIN da sakamakon WAEC a kan tabarma, a bi su harafi bayan harafi. Mu da Muhammad ke zama Mohammed a takarda ta gaba, gyaran nan ba ya son gaggawa.

Kuɗi ne ya fi ba ni wahala, har sai da na ba shi hotuna biyu. Ka'idar ita ce kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin da ake buƙata ba, ko na yini ɗaya. Mutane na karantawa su wuce, sai na sa misali: kuɗi sun shiga 1 ga Yuli, Baba ya ciri kaɗan ranar 20 ya mayar washegari, to lissafi ya koma farko daga ranar 21. Sannan ranar ƙarshe da ke kan takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar neman bizar. Na kuma ce a ɗora wani abu a kan adadin da ake buƙata, tunda da farashin canji na ranar nema ake auna naira.

Adadin kuɗin kansa ban rubuta ba, don yana canzawa. Na ce a duba GOV.UK, shafin gwamnatin Birtaniya. Da na ga hoto na biyar yana yawo shi kaɗai a WhatsApp, har wani mai shirin tafiya Masar ya turo mini shi yana tambaya, sai na koma na rubuta "Birtaniya kawai" da watan da na shirya a ƙasan kowane hoto.