Firijin da ya nuna 37, kuma lafiyarsa ƙalau

Aikina haɗa kayan lantarki da wayar hannu: firiji, na'urar sanyaya ɗaki, sikelin awo. Ranar farko da na fara koyo, maigidana bai ba ni sukurdireba ba. Lissafi ya sa ni haddacewa: in ka ga Faranhait, cire 30 ka raba biyu, ka samu Salsiyos na kusa. Na ainihin kuwa, cire 32, ninka da 5, raba da 9. A lokacin haushi na ji, ni da na zo taɓa ƙarfe.

Kwanan baya wata Hajiya ta kira ni hankali a tashe. Sabon firijinta yana nuna 37 a waya, injin ƙanƙara kuma 0. Wani mai gyara, irin waɗanda ake kira don arha, ya riga ni zuwa, ya ce gas ne ya ƙare, ya karɓi kuɗi, ya sauke lambar iya inda ta tsaya, wato 33. Da safe ganyen da ke can baya duk ya daskare.

Na ce, "Hajiya, dubi ɗan harafin da ke gefen lambar." F ne. An yi firijin ne don kasuwar Amurka, dillalin da ya shigo da shi kuma ko kwalin bai buɗe ba, balle ya saita. 37 ɗin nan kusan digiri 3 ne a Salsiyos, daidai yadda ake so, 0 kuma 18 ne ƙasa da sifili. Shi kuwa 33 bai kai digiri 1 ba. Na mayar 37, na bar tamomita cikin kofin ruwa a shiryayyen tsakiya ya kwana. Washegari 3 ya nuna.

Abin da masu arha ba su sani ba, ma'aunin nan wuri uku yake zaune. Akwai na waya: a iPhone, Settings > General > Language & Region, nan za ka ga Temperature da Measurement System. Akwai na manhajar firijin, wadda sau da yawa ba ruwanta da abin da waya ta ce. Sai allon jikin firijin, mai maɓallinsa daban. Ka gyara ɗaya ka tafi, waya na cewa 3, ƙofa na cewa 37, gobe a sake kiran ka.

Kafin na tashi ta miƙo sikeli, wai ta kai 154. Fam ne. Na kifa shi, na danna maɓallin ƙasa daga lb zuwa kg, ya koma 70. Gudun iska a manhajar yanayi ma mil 10 a awa ya zama kilomita 16 a awa.

Da aka zo biya, ta ce, "Haba Malam, don ɗan danne-dannen nan?" Na tambaye ta nawa mai gas ya karɓa. Ta yi dariya, ta ce a bar maganar.