Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Sati Shida Kafin Gasa

Makon jiya na tsaya a inda na biya kuɗin shiga gasar gina jiki ta Legas ba tare da na gaya wa kowa a gida ba. Inna ce ta fara ganewa, don ta ga na daina cin tuwon dare. Ta kai ƙara wajen Kawu, shi kuwa kun san shi, tsohon ɗan kokawa ne da ya zaga ƙasar Sakkwato har cikin Nijar. Ya aiko aka kira ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai yaro, wanga abu da kaka yi mi a sunanai? Sai da ruwan ciki aka jan na rijiya." Na ce, "Kawu, ina cin abinci, aunawa kawai nake yi." Bai sake magana ba, ya juya ya ci gaba da lazimi. Wannan juya bayan ya fi mini zafi fiye da zagi.

Abin da Kawu bai sani ba, maganarsa ita ce dai abin da nake aiki da shi. Saura sati shida, nauyina kilo 78, abincina ya sauka zuwa kalori 1,800 a rana. A wannan gaɓar jiki ba ya tsayawa kan kitse kaɗai, idan ka matsa masa sai ya fara cin tsoka. Abu biyu ke hana shi: furotin mai yawa, da nauyin ƙarfen da ya saba ɗauka.

Furotin giram 180 nake nema kullum, wato fiye da giram biyu ga kowane kilo na jikina. Ƙwai shida da safe suna ba ni kusan 36. Ƙirjin kaza dafaffe giram 250 ya ba ni kamar 75. Da dare kifi gasasshe na Kwalkwalawa, wajen 45. Ragowar sai nono tsala da ɗan wake su cike. Mai kuwa giram 50 ne duka duka, kuma ƙwan nan kaɗai ya cinye fiye da rabi. Shi ya sa maiɗakina ta koma zuba man gyaɗa da cokali, domin cokali ɗaya na cin abinci ya kai kalori 120. Kilishi da tsire na haƙura da su, saboda labu da ƙuli da man da ake shafawa ba ka iya auna su. Mutum ya zauna a Sakkwato yana wuce mai balangu kullum da yamma yana kau da kai, Allah ne kaɗai ya san wannan jihadin. Shinkafa da dankalin Hausa na tara su kusa da lokacin ɗaga ƙarfe, rabi kafin, rabi bayan. Ruwan cikin da Kawu yake faɗa ke nan, sai dai nawa na gwangwani ne, nasa na masaki.

Inda muka saɓa da mai gidan ƙarfen da nake zuwa a nan ne, kuma har yau ban yafe masa abin da ya yi wa yaran da yake koyarwa ba. Koyarwarsa ita ce idan gasa ta matso ka ajiye ƙarfe mai nauyi, ka ɗauki mara nauyi ka yi ta yi har sau talatin, wai shi ke "yanka" jiki. Ƙarya ce. Layin tsoka kitse ne ke rufe shi, abinci ke cire kitse. Idan ka rage nauyin ƙarfe a lokacin da abinci ya yi ƙaranci, ka gaya wa jikinka ke nan cewa tsokar ba ta da sauran aiki, ya ci abarsa. Ni kilo 100 da nake turawa a benci sau shida ban rage shi ba. Yawan zagayen na rage, daga biyar zuwa uku, na ƙara hutu tsakaninsu. A gaban mutane ya ce da ni ɗan boko mai littafi, saboda ina rubuta komai. Shekaru bayan haka, da ya buɗe sabon wuri, ya aiko yaro wai in ba shi aron wannan littafin. Ban bayar ba.

Littafin shi ne idona. Kowace safiya bayan na kama ruwa, kafin in sa komai a baki, ina hawa sikeli, amma ba na yanke hukunci da awon rana ɗaya, sai na haɗa na sati na raba. Abin da nake so shi ne raguwar kamar giram 400 a sati, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyina. Mai sauran kitse zai iya sauka da sauri fiye da haka, wanda ya riga ya bushe kuwa gaggawa tsoka take ci masa. A sati na huɗu kafin gasa sai sikeli ya faɗi da fiye da kilo guda, benci ya koma sau huɗu, tsuguno da ƙarfe ma ya ja baya. Barci ya ƙi, ina farkawa tun kafin kiran assalatu da yunwa, ga saurin fushi har yara na gudu na. Faɗuwar ƙarfi a rana ɗaya ba komai ba ce. Amma idan ta haɗu da saurin raguwar nauyi, kuma ta maimaitu a manyan ɗagawa, to tsoka ce ke tafiya. Na ƙara shinkafa ludayi biyu kwana biyu a jere, na rage tafiyar ƙafa da nake yi bayan Asuba a wajen filin wasa na Giginya. Sikeli ya hau, mai gidan ƙarfe ya yi ta murna wai na lalata aikina. Ruwa ne kawai: kowane giram na sitacin da tsoka ta ajiye yana riƙe ruwa kamar giram uku. Satin da ya biyo benci ya dawo sau biyar, hannuna ya cika.

Ina ma Kawu ya ga wannan shafin. Ya rasu bai taɓa yarda cewa abin da nake yi wasa ne na maza ba. A wajensa namiji shi ne mai kayar da wani, ba mai tsayawa a kalle shi ba. Ko da na gaya masa rukunin da na shiga da wando har gwiwa ake fita, sai ya sake maimaita mini zancen rijiya.

Satin ƙarshe ya faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Mai gidan ƙarfe ya sa yaransa su daina cin gishiri, su yanke ruwa kwana biyu, wasu har da ƙwayar sa fitsari. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, ka busar da ita sai ta lafe, jijiya ta ɓace. Kuma abin ya wuce zancen kyan jiki: Mohammed Benaziza, wani shahararren ɗan gasar gina jiki, ya mutu a 1992 jim kaɗan bayan wata gasa a Holan, kuma irin waɗannan ƙwayoyin aka danganta mutuwarsa da su. Wani ƙanena na unguwa, ɗan Mabera, yaro mai kafaɗa da ban ga irinta ba, ya bi maganar. A tasha, kafin motarmu ta tashi, ƙafafunsa suka murɗe, kansa ya juya, aka wuce da shi asibiti aka sa masa ruwa leda uku. Yana kwance ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, kai dai ka tafi." Mai gidan ƙarfen bai leƙo shi ba.

Ni ruwana na ci gaba da sha, gishirina yadda na saba, na ƙara shinkafa a kwana biyun ƙarshe, na guji duk abincin da cikina bai sani ba. Inna ta miƙo mini ƙullin fura a ƙofar gida, na karɓa da hannu biyu, na ba direba a Tureta. Abin da ya faru a Legas, da yadda alƙalai suka yi da ni, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.