Yadda nake shirya adireshin otal kafin in shiga tasi a China

Takardar da ake turo wa mutum bayan ya kama ɗakin otal ta intanet yawanci da Turanci take zuwa, kuma tana da amfani a wurin jami'an shige da fice. A cikin tasi kuwa, a gari irin Guangzhou, kusan ba ta da wani amfani. Direban ba da haruffan boko yake karatu ba. Ko da an rubuta masa sunan titi da Pinyin, wato Sinancin da aka mayar haruffan boko, sai ka ga ya ƙura wa takardar ido yana juya ta, domin Pinyin ɗin da ba alamar karin sauti a kansa yana iya zama kalmomi da yawa, kuma shi da haruffan Sinanci ya san sunayen titunan garinsa. Shi ya sa tun ina gida nake gama wannan aiki.

Abin da na fara ganewa shi ne otal a can suna biyu gare shi, kuma sau da yawa ba sa kama da juna ko kaɗan. Wanda duniya ta sani da Marriott, a China 万豪 ne, ana kiransa Wanhao. Ka yi ta maimaita sunan Turancin da ƙarfi, direba ba zai gane ba. Don haka sunan Sinancin nake nema, kuma daga otal ɗin kansa nake karɓarsa. Nakan aika musu saƙo ta shafin da na kama ɗakin, in roƙi su turo min cikakken sunan otal da adireshi da lambar wayar teburin karɓar baƙi, duk da Sinanci, a rubuce yadda zan iya kwafa. Ba na ɗaukar adireshin Turanci in zuba a manhajar fassara. Haruffa masu sauti ɗaya suna da yawa a Sinanci, manhajar tana iya zaɓo wanda ba shi ba, ni kuma ba ni da idon da zan gane.

In saƙon ya zo, ba sai na iya Sinanci ba kafin in duba shi. Adireshinsu daga babba yake farawa ya gangaro zuwa ƙarami: gari, gunduma, titi, sannan lambar gini. Ga na wani sanannen otal a Guangzhou, Garden Hotel, wanda sunansa na can 花园酒店:

广州市越秀区环市东路368号

Haruffa huɗu ne kawai na haddace, su ne suke yanka min layin gida-gida. 市 yana rufe sunan gari, 区 yana rufe sunan gunduma, 路 titi ne, 号 kuma yana bin bayan lamba. Ke nan wannan layi yana cewa birnin Guangzhou, gundumar Yuexiu, titin Huanshi ta Gabas, lamba 368. Da wannan kaɗai zan iya ganin ko an manta gunduma, ko lambar da ke Sinancin ta saɓa da wadda ke takardar Turanci.

Akwai harafi guda da ya fi sauran buƙatar kulawa, shi ne wanda ke zuwa dab da 路. Dogayen tituna a biranen China ana raba su kashi-kashi: 东 gabas, 中 tsakiya, 西 yamma. Huanshi ɗin nan tana da duka ukun, kuma kowane kashi titi ne mai zaman kansa a adireshi. In wani shafi ya rubuta Huanshi kawai ya yar da harafin, lambar ginin ba za ta cece ka ba, za a iya sauke ka nesa da inda kake nufi, da kaya niƙi-niƙi.

Daga nan sai gwaji a taswira. Nakan kwafi sunan Sinancin in manna a Amap ko Baidu Maps, domin su ne direbobin can suke amfani da su. Google Maps a toshe take a intanet ɗin ƙasar, kuma ko an samu ta buɗu, bayananta kan wurare a China ba abin dogaro ba ne. Abin da nake so in gani shi ne suna da adireshi da lambar waya sun haɗu a wuri guda. A nan ne na taɓa kama wata matsala tun kafin in tashi. Otal ɗin da na kama na wani kamfani ne mai rassa da yawa a gari ɗaya, kuma da na manna sunan sai taswira ta jero min rassa barkatai. Irin waɗannan otal-otal suna sa sunan reshe a cikin baka bayan babban suna, ya ƙare da harafin 店. Takardata ba ta ɗauke da wannan ɓangaren, adireshin da ke kanta kuma ya nuna wata gunduma, alamar taswirar shafin ta nuna wata. Lambar waya ce ta raba gardama: reshe ɗaya ne kaɗai lambarsa ta yi daidai da ta takardata. Na sake aika musu saƙo, suka tabbatar, suka turo cikakken suna har da na reshen. Tun daga lokacin, suna mara reshe a wurina rabin suna ne.

Ajiye shi ma sai da dabara. Gmail da WhatsApp ba sa buɗuwa a intanet ɗin cikin China, don haka adireshin da ke kwance a cikinsu kamar babu shi ne a lokacin da ka fito daga filin jirgin Baiyun na Guangzhou. Ina ajiye shi a rubuce a ma'ajiyar rubutu ta waya don mannawa a Didi, manhajar kiran mota, ina kuma ɗaukar hotonsa. Sannan in buga a takarda da manyan haruffa, domin batir yakan mutu. A saman takardar nakan sa layi guda, 请送我到这个地址, wato don Allah kai ni wannan adireshin, sai sunan otal, sai adireshi, sai lambar waya. Lambar kuwa yadda ake buga ta a cikin gida nake rubuta ta, da 020 na Guangzhou a gaba, ba +86 20 ba. Mai zuwa Taiwan ko Hong Kong ya lura cewa can tsohon salon haruffa suke amfani da shi, 東 a maimakon 东, sai ya karɓi adireshin da salon wurin.

A bakin tasi, kafin in sa jaka a but nake miƙa takardar. Direbobi da yawa dattawa ne, ƙananan haruffa a waya da dare suna ba su wahala, shi ya sa in waya zan nuna sai na ƙara haske na buɗa rubutun sosai. Ba na barin gyaɗa kai ya ishe ni, domin mutum yakan gyaɗa kai don ladabi. Abin da nake jira shi ne ya karanta sunan titin a fili, ko ya faɗa wa taswirar wayarsa. In ya yi haka, sai in leƙa allon in ga lambar ginin da harafin gabas ko yamma sun yi daidai da nawa. In na ga yana jinkiri, sai in nuna masa lambar waya da yatsa. Magana kaɗan da ma'aikacin otal cikin harshensu takan warware komai, har da ƙofar da zai shiga in ginin na da ƙofofi a tituna biyu.

Da na isa, nakan ɗauki katin otal a teburin karɓar baƙi. Yana ɗauke da suna da adireshi da Sinanci, wani ma da ƙaramar taswira a baya, kuma shi nake nunawa duk lokacin da zan dawo daga cikin gari.