Abin da daraja ta shida ta yi wa gonar masara

A cikin darussan ƙididdiga da na koya, wanda ya fi zama mini a rai shi ne cewa lanƙwasasshen layin da ya bi ta kan kowane ɗigo na ma'aunai bai cika faɗar gaskiya game da abin da ba a auna ba. Na fahimci haka ne ta hanyar nazarin yadda masara ke amsa takin zamani, domin a nan miƙaƙƙen layi ba ya wadatarwa: kashin farko na taki yana ƙara amfani sosai, na biyu ya ƙara ƙasa da haka, har a kai inda ƙarin taki ba ya ƙara ko tiya ɗaya.

Ga alƙaluman da na tsara domin misali, ba daga wani gwaji na musamman ba. An zuba naitirojin kilo 0, 30, 60, 90, 120, 150 da 180 a kowace hekta, aka samu tan 1.6, 2.9, 3.4, 4.3, 4.3, 4.7 da 4.4. Idan aka ja miƙaƙƙen layi ta hanyar rage jimillar murabba'in kurakurai, ma'aunin R², wanda ke nuna yadda layi ya dace da ma'aunai kuma 1 ne iyakarsa, zai ba da 0.81, wanda a ido ba shi da laifi. Sai dai layin yana hasashen tan 2.3 inda aka samu 1.6, da 3.7 inda aka samu 4.3, da 5.0 inda aka samu 4.4. Ya zarce a farko, ya gaza a tsakiya, ya sake zarcewa a ƙarshe, kuma duk lokacin da ragowar kurakurai suka jeru cikin tsari irin wannan, alama ce cewa akwai lanƙwasar da ba a kama ba.

Maganin shi ne polinomiyal, wato a ƙara x² a cikin lissafin, inda x ke nufin kilon taki, y kuma tan ɗin masara, ko ma x³ da abin da ya yi sama, kuma mafi girman lambar da ke saman x ita ce darajarsa. Da daraja ta biyu ana samun y = 1.66 + 0.0399x − 0.000136x², R² ya tashi zuwa 0.98, ragowar kurakuran kuma suka warwatse ba tare da tsari ba. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa kowace lamba a nan tana da ma'anar da za a iya gaya wa manomi. Ta farko ita ce abin da gona za ta bayar ba taki, alamar ragi a gaban x² tana nuna raguwar ribar kowane ƙarin kilo, ƙololuwar kuma tana wajen kilo 146, inda ake sa ran kusan tan 4.6.

Daga nan ne kwaɗayi yake shigowa, saboda ƙara daraja bai wuce canza lamba ɗaya a lissafin kwamfuta ba:

```python
import numpy
x = [0, 30, 60, 90, 120, 150, 180]
y = [1.6, 2.9, 3.4, 4.3, 4.3, 4.7, 4.4]
p = numpy.polyfit(x, y, 6)
numpy.polyval(p, 210)
```

Daraja ta uku ba ta ƙara kome ba, R² yana nan a 0.98. Ta shida kuwa tana da lambobi bakwai da za a tantance daga ma'aunai bakwai, don haka dole ta bi ta kan kowane ɗigo, R² ya cika 1. Wannan ba nasara ba ce, ƙa'idar lissafi ce kawai: duk ɗigo n masu x mabambanta, akwai polinomiyal da darajarsa ba ta wuce n − 1 ba da zai ratsa su gaba ɗaya, ko da an zaɓo lambobin ne da ka. R² ba ya taɓa raguwa idan aka ƙara daraja, saboda haka ba shi da ikon yanke hukunci a kan inda ya kamata a tsaya.

Sai an tambayi layin abin da ba a nuna masa ba ake ganin ɓarnar. A kilo 165, tsakanin ma'auni mai 4.7 da mai 4.4, yana cewa za a samu tan 5.1, abin da babu filin da ya bayar. A kilo 210, mataki ɗaya kacal a wajen iyakar gwajin, amsarsa ita ce −15.2, wato gonar za ta ci bashin tan goma sha biyar, alhali daraja ta biyu tana cewa 4.0. Dalilin shi ne kowane ma'auni yana ɗauke da abu biyu, tasirin taki da kuma hayaniyar da ba ta da alaƙa da shi, kamar bambancin ƙasa, ɓarnar tsuntsaye ko kuskuren sikeli. Daraja ta shida ta haddace hayaniyar ne kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin jarrabawar bara har da kurakuran mai bugawa. Ana iya auna girman wannan rauni kai tsaye: idan aka canza amfanin filin kilo 90 da buhu ɗaya mai kilo 100, hasashen daraja ta shida a kilo 210 zai motsa da tan 3.5, na daraja ta biyu kuwa da kusan kilo 43.

Wannan tangal-tangal a gefuna ba sabon abu ba ne. A shekarar 1901 masanin lissafi na Jamus Carl Runge ya nuna cewa ko da babu hayaniya ko kaɗan, idan aka bi ɗigogi masu tazara ɗaya a kan wani santsin layi irin 1/(1 + 25x²), ƙara daraja yana ƙara girman kuskure kusa da iyakokin biyu maimakon ya rage shi.

Gwajin da na fi amincewa da shi yanzu shi ne ɓoye ma'auni ɗaya, a daidaita layi da sauran, sannan a duba ko ya cinki wanda aka ɓoye, a yi hakan ga kowane ɗigo bi da bi. Idan aka ɓoye na kilo 180, daraja ta biyu tana cewa 4.5, gaskiyar kuwa 4.4 ce. Daraja ta biyar, wadda ta ratsa ɗigo shida da suka rage ba kuskure, tana cewa 14.5. Akwai kuma wata matsala ta daban da ake yawan cakuɗawa da wannan: 180 a daraja ta shida ya haura tiriliyan 34, kuma irin waɗannan manyan lambobi na iya sa na'ura ta rasa daidaito. Cire matsakaicin x da rage girmansa kafin lissafi yana gyara wannan, amma ba ya hana layin haddace hayaniya.

Ita ma daraja ta biyu ba na ba ta amana fiye da ƙima. Siffarta tana tilasta wa amfanin gona ya sauko bayan ƙololuwa da irin saurin da ya hau, alhali sau da yawa masara takan kai wani matsayi ne ta daidaita a can. Shi ya sa masana noma da dama suke amfani da layin da ya lanƙwasa sannan ya miƙe a kwance, wasu kuma su haɗa guntayen polinomiyal masu daraja ta uku idan lanƙwasar ta fi ɗaya. A misalinmu zan amince da daraja ta biyu daga kilo 0 zuwa 180 kawai. Duk mai son sanin abin da kilo 210 zai yi, sai ya ware fili ya zuba kilo 210 ɗin ya auna.