Kujerar ƙarshe a teburin foka

Na daɗe ina buga foka, irin ta Texas Hold'em, kuma har yau inda nake zaune ya fi damuna a kan katin da ke hannuna.

Ɗauki teburin mutum 9. Kai ne farkon magana, aka ba ka 8 da 7 na zi. Mutum 8 suna bayanka, ba ka san wanda ya riƙe manyan kati ba. Zubarwa nake yi, ko tunani babu.

Amma idan ina kujerar ƙarshe, wato alamar da ke nuna mai rabon kati tana gabana, kowa ya zubar, mutum 2 kaɗai suka rage, waɗanda suka sa kuɗin dole tun kafin a raba kati. A nan da wannan katin ƙara kuɗi nake yi. Bayan an buɗe kati 3 na tsakiya, dole su riga ni magana, har ƙarshen wasan. In suka wuce ba su sa komai ba, sau da yawa ba su dace ba ne, sai in sa kaɗan su zubar. In kuma kati ɗaya nake jira don hannuna ya cika, ni ma in wuce, in ga na huɗu kyauta. Shi ya sa hannuwan da nake bugawa a nan suka ninka na kujerar farko, har da ƙari.

Sai dai in wani ya riga ya ƙara kuɗi mai yawa daga kujerar farko, 8 da 7 ɗin nan zubar da su nake yi.