Tafiya neman wuraren shaida na wata tsohuwar taswirar gona

Taswirar da ta fitar da ni daga ofis an zana ta ne da hannu a ma'aunin 1:2500, wato milimita ɗaya a takarda mita biyu da rabi ne a ƙasa. Masu gonar suna so a ɗora ta kan hoton tauraron ɗan'adam na yanzu, su ga inda tsohuwar iyaka ta bi, musamman a kusurwar arewa maso gabas, inda suke da tambaya kan tazarar mita biyu. Na yi mata sikanin a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, don haka kowane ɗigon hoto, wato fiksel, ya kama kusan santimita 21 a ƙasa. Amma hoton sikanin bai san inda yake a duniya ba. Dole a samo wuraren da suke a takarda kuma har yau suna nan a ƙasa, a auna su, a ɗaure hoton da su, kamar yadda ake shanya fata da turaku. Su nake kira wuraren shaida.

Mota ta sauke mu inda kwalta ta ƙare, muka ƙarasa a kan babur, daga nan sai ƙafa. Abokin aikina yana riƙe da na'urar GPS ta awo mai karɓar saƙon gyaran kuskure, wadda kuskurenta bai kai rabin mita ba. GPS ɗin waya kan kauce da mita uku zuwa biyar, kuma ba a auna gaskiyar taswira da abin da ya fi ta kuskure. Wani dattijo da ya daɗe yana kula da gonar ne ya yi mana jagora.

Tun a hanya ya nuna min wata babbar bishiya da ke cikin taswirar. Na ce, "Baba, wannan ba za ta yi ba, mai zane ya sa mata alama ce kawai, ba mu san ko tsakiyar gindinta ya auna ba." Haka muka wuce gwiwar rafi, domin rafi yana cin gaɓa ɗaya yana cike ɗaya, inda yake a da ba nan yake yau ba. Abin da muka ɗauka shi ne abin da ba ya motsi kuma yake da kusurwa ko tsakiya bayyananniya: turakun siminti na iyaka, tsakiyar rijiya, kusurwar tsohon ɗakin ajiya, bakin kwalbati. Wahalar tafiyar duk tana wajen rarraba su. Wuraren da ke kusa da hanya suna da sauƙi, amma in duk suka jeru a layi ɗaya, gefen da babu shaida zai karkace ba tare da lissafi ya nuna ba. Saboda haka muka ratsa ƙaya har kusurwoyin gonar. Muka dawo da wurare goma sha ɗaya.

A ƙarƙashin rumfar ɗakin ajiyar na buɗe Georeferencer, sashen manhajar taswira ta QGIS da ake ɗaure hoto da wuraren shaida. Na saka takwas, na ɓoye uku ban nuna wa manhajar ba. Na zaɓi Polynomial 1, wanda yake matsar da hoto, ya juya shi, ya miƙe shi ko ya tsuke shi, amma layin da yake miƙe yana nan a miƙe. Wurare uku kacal yake buƙata, sai dai da uku kuskuren da zai nuna sifiri ne ko da an saka su ba daidai ba, domin babu na huɗun da zai musanta. Ragowar biyar ɗin su ne masu ba da shaida.

A teburin da manhajar ke nunawa akwai Residual, wato tazarar da ta rage tsakanin inda na danna a hoto da inda lissafi ya ce wurin ya kamata ya faɗa. A fiksel, na samu 6, 8, 5, 7, 10, 12, 6 da 31. Na ninka kowace lamba da kanta, na tara, na raba da takwas, na ɗauki tushe: kusan fiksel 13, wato mita 2.8. Mai 31 ɗin kwalbati ne, masu 10 da 12 kuma maƙwabtansa ne, ya ja su zuwa gefensa. Da na cire alamar da ke gabansa a teburin, wato na fitar da shi daga lissafi, sai sauran suka sauko zuwa 4, 6, 3, 5, 7, 4 da 5, matsakaici fiksel 5, mita ɗaya da ɗan kai.

Nan ne mutane da yawa suke goge wurin su ci gaba, kuma ban yarda da hakan ba. Lamba mai girma tana cewa akwai saɓani ne kawai, ba ta faɗin mai laifi. Zai iya zama dannawa ce ta kauce, ko an rubuta lambar awo ba daidai ba, ko kuma takardar ce ta miƙe a wannan gefen, wanda in haka ne wurin gaskiya yake faɗa kuma goge shi ɓoye aibin taswirar ne. Sai muka sake saɓa kaya muka koma kwalbatin.

Dattijon ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Ɗana, ai wannan sabo ne. Da aka miƙe hanya aka gina shi, tsohon yana can." Muka kutsa cikin ciyawa, ga ragowar siminti, kusan mita tara daga sabon. Mita tara fiksel 42 ne, amma teburin 31 ya nuna, domin lissafin ya raba sauran kuskuren ga maƙwabta. Ragowar da ake gani a teburi takan yi ƙasa da ainihin kaucewar wurin. Muka auna tsohon, na mayar da shi cikin lissafi, ya zauna a fiksel 6.

Shin mita ɗaya ya yi? Ni ina auna shi da abin da takardar za ta iya bayarwa. Layin alƙalami mai kaurin milimita 0.3 ya riga ya cinye santimita 75 a ƙasa, ga kuskuren mai zane, ga shekarun da takarda ta yi tana shan laima tana bushewa. Neman santimita 20 a irin wannan taswira neman abin da babu ne. Da na ga dama, da Polynomial 2, mai buƙatar wurare shida, na rage lambar, tunda biyu ne kawai za su rage masu musantawa. Thin Plate Spline kuwa yakan lanƙwasa hoton har kowane wuri ya faɗa daidai, ragowa ta koma sifiri, alhali tsakanin wuraren ba a san me ya faru ba. Yana da amfaninsa in takarda ta yamutse kuma akwai shaida da yawa, amma sifirinsa ba hujjar inganci ba ce.

Hukunci na gaskiya yana wajen ukun da na ɓoye. Na fitar da hoton, na ɗora su a kai, na auna tazarar kowanne da alamarsa a taswira. Rijiya ta kauce da mita 1.3, turken tsakiya 1.6. Na ukun, turken arewa maso gabas, mita 3.4. Yana bayan wani tsohon ninki na takardar, kuma ya fita daga da'irar wuraren da na ɗaure hoton da su.

Kafin mu kama hanyar dawowa na rubuta wa masu gonar sakamakon a bayan kwafin taswirar: a tsakiyar gona a ɗauke ta da sassaucin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ta isa a gane tsofaffin filaye da hanyoyin ruwa. A kusurwar arewa maso gabas kuwa, inda tambayarsu ta tazarar mita biyu ce, kada a kafa turke ko a cire shi da hujjar wannan hoton, sai an ƙaro wuraren shaida a can gefen ninkin an sake lissafi.